Majinyacin da ya ce ya bar giya cikin minti huɗu

Takardar da aka raba wa ma'aikatan jinya a wani horo da aka yi a Tawa shafi ɗaya ce, gaba da baya. An tsara ta don mai jinya ya yi hira ta minti goma da majinyacin da ke shan giya da yawa, bisa hanyar ƙarfafa niyya wadda William Miller ya fara bayyanawa a 1983, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta a 1991. Matakai huɗu ne a ciki. Ka nemi izinin tayar da maganar, ka faɗa wa mutum sakamakon awon shansa, ka tambaye shi inda niyyarsa ta kai daga 0 zuwa 10, sannan ku yi yarjejeniya kan abin da zai yi. A ƙarƙashin kowane mataki an rubuta jimlolin da mai jinya zai faɗa, da amsar da ake tsammani daga majinyaci. A ɗakin horo kowa ya iya ta, domin abokin aikin da ke kwaikwayon majinyaci shi ma ya karanta takardar, yana ba da amsa daidai inda aka rubuta masa.

Aikina shi ne in saurari hirarrakin da waɗanda aka horar suke ɗauka a salula, da yardar majinyaci, in mayar musu da gyara. Hirar da zan bi a nan an ɗauke ta a wata CSI, wato ƙaramar cibiyar kiwon lafiya, ta cikin gari. Na sauya wasu abubuwa don kada a gane mutumin.

Makaniki ne mai kimanin shekara 47, ya daɗe a Abijan kamar da yawa daga mazan Adar da ke tafiya bida, kuma can ya koyi sha. Ciwon kai da zafin ciki suka kawo shi, aka auna jininsa aka samu 16 da 10. Mai jinyar yaro ne da bai kai shekara 30 ba, ya ji warin giya a bakinsa da safe, ya tuna takardarsa. Ƙanen majinyacin da ya kawo shi a kan babur yana tsaye a bakin labule.

“Baba, ka yarda mu yi maganar shan giya?”

“To.”

“Kana sha?”

“Kaɗan-kaɗan, sai in an yi zafi.”

“Ka san giya tana haddasa hawan jini, tana lalata hanta, ga kuma abin da addini ya ce?”

“Gaskiya ne, ɗana.”

“Daga 0 zuwa 10, ina niyyarka ta bari ta kai?”

“Goma. In sha Allahu daga yau na bari.”

Mai jinyar ya rubuta a rajista cewa majinyaci ya amince da barin giya, ya ba shi maganin hawan jini, suka rabu. Minti huɗu ke nan. Ya aiko mini da hirar yana murna, domin a ganinsa ya gama matakai huɗu a ƙasa da rabin lokacin da aka ba shi.

Abin da ke cikin minti huɗun

Idan ana sauraron irin wannan hira, abu na farko da ake yi shi ne ƙidaya. Tambaya nawa mai jinya ya yi, kuma sau nawa ya mayar wa majinyaci da ma'anar abin da ya faɗa don ya ci gaba da magana? Ma'aunin da masu wannan fanni ke amfani da shi yana neman aƙalla mayarwa ɗaya ga kowace tambaya ɗaya, gwani kuwa mayarwa biyu ga tambaya ɗaya. A cikakkiyar hirar na ƙidaya tambaya 11, babu mayarwa ko ɗaya. Majinyacin bai yi jimlar da ta wuce kalma bakwai ba. Bai faɗi dalili ko ɗaya nasa na kansa ba, bai ce wane lokaci yake sha ba, bai ce da wa ba.

Takardar ta yi tanadin mai gardama. Akwai layi uku a bayanta na abin da za ka ce idan mutum ya ce ba ruwanka, ko ya ce shi ba mashayi ba ne. Amma a Tawa mai gardamar ba shi da yawa. Dattijon da yaro sa'an ɗansa ya tsare da maganar da ke zubar da mutunci, ga ƙanensa yana ji, hanyar fita mafi kusa gare shi ita ce ya amince da komai da sauri. Goman da ya bayar kuɗin fansar kansa ne daga ɗakin. Yadda ake gane irin wannan amincewa ba wuya: takan zo da wuri, takan zo cikakkiya, kuma ba ta ɗauke da wani bayani. Mai niyya ta gaskiya yakan yi jinkiri, ya kawo amma, ya ambaci abokai ko rana ko kuɗi.

Maganar addinin ba ta cikin takardar, mai jinyar ne ya ƙara ta, kuma kusan duk wanda na saurara yakan ƙara. Ba na ganin amfaninta daga bakin ma'aikaci. Mutumin da ya girma a garin nan ya san hukuncin giya tun yana makarantar allo, ya sha jin sa daga matarsa da limamin unguwa, kuma bai hana shi ba. Abin da tunatarwar ke ƙarawa kunya ce kawai, kunya kuwa ita ce ke rage kwalba huɗu ta koma “kaɗan-kaɗan”. Idan shi da kansa ya ɗauko zancen sallarsa, wannan wani abu ne dabam, kuma za a ga ya ɗauko.

Laifin da ya fi girma na tsarin takardar ne. Ta sa yarjejeniya ta zama dole a ƙarshen kowace hira, ko mutum ya shirya ko bai shirya ba. An taɓa ganin illar wannan a Amurka. A 2003 Paul Amrhein da abokan aikinsa sun nazarci kalaman masu shan ƙwaya a hirarrakin da aka yi bisa littafin jagora, wanda ya wajabta tsara shirin sauyi a ƙarshe. Waɗanda ba su shirya ba, da aka kai su wannan gaɓa sai ƙarfin alƙawarinsu ya faɗi, kuma ba su yi kyau daga baya ba. A 2005 wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 72 ya gano cewa hirar da aka yi bisa littafin jagora tasirinta bai kai na wadda aka yi ba tare da shi ba. Wannan ba ya nufin a yar da takarda. Mai jinya a CSI da mutum arba'in ke jiransa a benci yana buƙatar abin da zai riƙe. Yana nufin takardar ta kasance da rassa, kuma ta ba shi damar tsayawa a mataki na uku.

Yadda aka sake rubuta ta

An ƙara mataki kafin na farko: a fitar da ɗan rakiya. Jimlar da aka rubuta ita ce “Malam, ka je ka karɓo mana katinsa, zan duba shi”, ko wani aike makamancin haka, don kada fitarwar ta zama tuhuma. Sannan aka cire tambayar “kana sha?”. Aka sa giya cikin jerin abubuwan da ake tambayar kowane mai hawan jini: gishiri, shayi, goro, taba, tramol, giya. Tambayar kuma ta koma ta yawa, ana farawa daga sama: “A daren da aka zauna sosai, kwalba nawa takan tafi, shida, takwas?” Wanda aka ce wa takwas ba ya jin nauyin cewa huɗu.

An kuma sa lissafin kwalba, domin tambayoyin AUDIT, wato tambayoyi goma na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ma'auni suke aiki, kuma ma'auni ɗaya giram 10 ne na tsantsar barasa. Babu wanda ke sha da giram a mashaya. Babbar kwalba mai santilita 65 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kimanin giram 26, wato ma'auni biyu da rabi. Ƙaramar ledar barasa mai santilita 5 da ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da kimanin giram 16, ma'auni ɗaya da rabi. Mai jinyar da ya rubuta kwalba biyu a matsayin ma'auni biyu ya rage shan mutumin da fiye da rabi.

Sauran gyaran ya fi ɗaukar gardama a tsakaninmu. An goge duk amsoshin majinyaci da aka rubuta. A gurbinsu, bayan kowace tambaya, aka sa umarni ɗaya ga mai jinya: kada ka yi wata tambaya sai ka mayar masa da abin da ya ce. Wasu masu horarwa sun ce hakan zai ruɗa sababbi, kuma ya ruɗa su a farko. Aka kuma ƙara reshe na mai saurin amincewa, da na wanda jikinsa ya dogara da giya.

Hira ta biyu

Makanikin ya dawo bayan mako uku don awon jini, aka samu 16 da 9. Wannan karon ƙanen yana waje. Da aka bi jerin aka iso kan giya, ya ce kwalba biyu kullum da dare bayan ya rufe gareji, ban da Juma'a, ranar Asabar kuwa huɗu da leda biyu. A lissafi kusan giram 400 ke nan a mako, kimanin ma'auni 39. Jagorar Hukumar Lafiya ta 2001 ta sa iyakar ƙaramin haɗari a ma'auni biyu a rana tare da hutun kwana biyu a mako, wato goma. Makinsa na AUDIT ya kama 18 cikin 40. Daga 8 zuwa 15 shawara ake bayarwa, daga 16 zuwa 19 gajeriyar hira da bibiya, daga 20 a tura mutum a ƙara bincike.

Akwai abin lura a makin nan. Bakwai daga cikin 18 sun fito daga tambaya biyu: ko yana jin nadama bayan sha, da ko wani nasa ya nuna damuwa. A gari irin namu kusan duk mai sha zai ci maki a waɗannan biyun ko da shansa bai kai na wannan ba, don haka ina gaya wa masu jinya su dubi inda makin ya fito, kada su tsaya a jimilla. A nan tambayoyi ukun farko, na yawan sha, sun ba da 9 cikin 12, wannan kuwa ba daga kunya ya zo ba.

Mai jinyar ya nemi izini ya faɗi lissafin, ya faɗa cikin jimla biyu, ya haɗa shi da jinin da ya ƙi sauka, ya yi shiru.

“Ai na ce maka na bari, ɗana.”

A nan sabon reshen ya shigo.

“Baba, ba alƙawari nake nema ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Ko ka bari ko ka rage ko ka ci gaba, kai ke da wannan. So nake in fahimta. Mi giyar ke yi maka?”

Shirun da ya biyo baya ya yi tsawo, kuma mai jinyar ya jure shi.

“In na rufe gareji jikina duk ciwo yake. In ban sha ba barci ba ya zuwa. Kuma can nake ganin mutanen da muka yi Abijan tare.”

“Tana sa ka barci, kuma can ne abokanka suke.”

“Su kaɗai suka san wahalar da muka sha.”

“Barinta kamar barinsu ne.”

“Haka ne. Amma kuma asuba tana wuce ni. Ran Lahadi sai rana ta fito.”

“Asubar tana damunka.”

“Ɗiyata za a yi wa aure bayan Babbar Sallah. Ba ni son dangin mijin su ji an ce ubanta mashayi ne. Kuma jika goma sha biyar nake zubarwa a sati, ga kayan ɗaki ban gama ba.”

Cikin minti biyu ya kawo dalili uku, sallah da mutuncin ɗiya da kuɗi, kuma babu wanda mai jinyar ya sa masa a baki. Hanta da hawan jini ba su cikin ukun. A kula kuma da inda mayarwar ta juya. Sau biyu mai jinyar ya mayar da amfanin giya don mutumin ya ji an fahimce shi, amma da “amma” ta fito sai ya bi ta. Da ya ci gaba da mayar da zancen barci da abokai, da ya taya shi gina hujjar ci gaba da sha. Wannan kuskure ne da nake yawan ji daga waɗanda suka fara ƙwarewa.

Ma'aunin niyya an mayar da shi na yatsu goma, domin layi mai lambobi a takarda ba ya yi wa kowa. Ya ɗaga shida. Tambayar da ke biye ita ce me ya sa shida, ba uku ba. Idan ka tambayi mutum me ya sa bai kai goma ba, amsarsa hujjojin sha ne. Idan ka tambaye shi me ya sa bai yi ƙasa ba, amsarsa hujjojin ragewa ne. Ya ce don azumin bara wata guda cur bai sha ba, ya san zai iya.

Reshen da ba a wasa da shi

Wannan amsa ta yi aiki biyu, domin ta taɓa tambayar da tsohuwar takarda ba ta yi ba ko kaɗan. Kafin a yarda wa mai sha da yawa ya bari gaba ɗaya, dole a san ko jikinsa ya dogara da giya. Tambayoyin gajeru ne. In ka kwana ba ka sha ba, hannunka na rawa da safe, kana zufa, zuciya na tashi? Kana sha da safe don jiki ya daidaita? Ka taɓa faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ko ka ga abin da ba ya nan, bayan ka daina?

Ga wanda ya dogara, alamun sukan fara tsakanin awa 6 da 24 bayan sha na ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi da gane-gane, takan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma tana kisa idan ba a yi magani ba. A gida ana iya ɗaukarta iska ce, a CSI kuma ana iya ɗaukarta zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai, musamman idan dangi sun ɓoye shan. Farkon azumi lokaci ne da ya kamata majo ya sa ido, domin mutane da dama a rana ɗaya suke dainawa. Wanda ya amsa e ga ɗaya daga tambayoyin nan, takardar ta ce kada a ce masa ya yanke yau. A tura shi wurin lokotoro, a daina da kulawa, da diyazefam da bitamin B1. A hira ta farko an karɓi “daga yau na bari” daga mutumin da ba a san yawan shansa ba. Da ya kasance mai dogaro kuma ya cika alƙawarin, da hirar ce ta jefa shi cikin haɗari.

Makanikin ba ya rawar hannu ranar Asabar da safe bayan hutun Juma'a, ba ya sha da safe, kuma azumin bara ya wuce lafiya ban da rashin barci na makon farko. Warin da aka ji a zuwansa na farko na daren jiya ne.

Mai jinyar ya faɗa masa a fili cewa a matsayinsa na ma'aikacin lafiya barin gaba ɗaya ya fi wa jininsa, sannan ya tambaye shi abin da shi yake ganin zai iya. Ya ce leda ya bar ta, a ranakun aiki kwalba ɗaya, Asabar biyu, kuma ya ƙara Alhamis a kan Juma'a cikin ranakun da ba ya sha. Kwalba shida ke nan a mako, kimanin ma'auni 15. Ya wuce iyakar goma, kuma mai jinyar ya ce mini daga baya ransa bai so rubuta shi ba, yana ganin kamar ya halatta sha ne. Na ce masa ya kwatanta 15 ɗin da mutum ya zaɓa da sifilin da aka rubuta mako uku da suka wuce, wanda a ƙarƙashinsa 39 ake sha. Hirar ta ɗauki minti 13.

Abin da ya sauya a ɗakin horo

Yanzu mai kwaikwayon majinyaci ba ya ganin takardar mai jinya. Ana ba shi kati nasa, mai ɗauke da yawan shansa na gaskiya da dalilai uku da ya ɓoye, da doka biyu. Idan aka yi masa wa'azi ko gargaɗi, ya ce gaskiya ne, ya rufe baki. Idan aka mayar masa da maganarsa daidai, ya saki dalili ɗaya. Mutum na uku yana zaune da biro yana ƙidaya tambaya da mayarwa. Katunan iri uku ne, mai amincewa da mai gardama da mai dogaro, kuma mai jinya ba ya sanin wanda ya faɗo masa. Wanda ya yi yarjejeniyar bari da mai dogaro ba tare da tambayar rawar hannu ba, sai ya sake daga farko.

Horon kwana biyu ba ya zama a jiki shi kaɗai. Gwajin da Miller da abokansa suka yi da ma'aikata 140, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna waɗanda aka ci gaba da mayar musu da gyara ko ana bibiyarsu sun fi riƙe ƙwarewar a kan waɗanda suka yi taron horo kawai. Shi ya sa ɗaukar hira a salula ya zama sharaɗi a wurinmu, kuma ana goge ta bayan an saurara.

Kada kuma a ɗora wa minti goma abin da ba za su ɗauka ba. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke haɗa sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ya samu cewa gajeriyar hira tana rage sha da kimanin giram 20 a mako bayan shekara ɗaya, wato ƙasa da babbar kwalba guda, kuma galibin gwaje-gwajen a ƙasashe masu arziki aka yi su. Matsakaici ne, wasu suna ragewa sosai, wasu ba sa motsi.

Bayan wata uku makanikin ya ce leda bai koma mata ba, ranakun aiki ya riƙe kwalba ɗaya, amma Asabar uku ko huɗu takan tafi idan abokai suka saya masa. Jininsa ya sauka zuwa 14 da 9, sai dai yana shan magani, ba za a iya raba rabon maganin da na ragewar ba, kuma yawan shan daga bakinsa kawai aka ji shi. Rashin barci da ciwon jiki, waɗanda ya fara ambata, ba a taɓa su ba a zuwa biyun farko, domin takardar ba ta da gurbinsu. A zuwa na uku aka duba bayansa da kafaɗarsa, aka kuma gano yana shan shayi mai ƙarfi a fada har bayan isha'i. An ba shi ranar dawowa mako biyu kafin azumi, don a sake yi masa tambayoyin rawar hannu kafin ya daina.